Siram, kirim, sanskirin: wanne ake fara shafawa, kuma me ya sa?

Cikin hunturun da ya wuce ƙanwata ta zo gidana bayan La'asar riƙe da 'yar jaka, ta zazzage ta a kan tabarma. Abu shida ne a ciki: siram na bitamin C, siram na hayaluronik asid, kirim na fuska, gwangwanin man kaɗe, sanskirin, wato man kariya daga rana, mai lambar ƙarfin kariya SPF 50, da wani ɗan tub na adafalin da likitan fata ya rubuta mata saboda ƙuraje. Ta ce, "Yaya, wata biyar ke nan ina fama. Tabon nan ko gezau, ga fuskar sai saɓa take yi a gefen hanci. Ko dai jabu aka sayar mini?" Na ɗauki kwalaben ɗaya bayan ɗaya na duba, ban ga wani abin zargi ba. Sai na ce ta nuna mini yadda take shafawa da safe, kamar ba na wurin.

Ta wanke fuska da sabulun salo, ta goge tas da tawul. Da yake iska ta bushe, fatar kuma tana ja mata, sai ta lakato man kaɗe ta murza har fuskar ta yi sheƙi. A kan wannan ta ɗiga siram na bitamin C, ta bi da na hayaluronik. Daga nan ta matsa kirim a tafin hannu, ta ɗan ɗiso sanskirin kamar ƙwayar gero biyu a kai, ta cakuɗa su da yatsa ta shafa gaba ɗaya, don a cewarta in ta shafa shi shi kaɗai fuskar fari take yi kamar an barbaɗa toka. Ina kallo wasu 'yan dunƙule-dunƙule suka fara murtsukowa a haɓarta kamar dauɗa. A nan na gane an bar jaki ana dukan taiki. Kayan ba su da laifi, jerin ne ya birkice, kuma kusan duk kuɗin da ta zuba a kan maiƙon man kaɗen nan suke tsayawa.

Kafin a yi maganar jeri, dole a san me ake shafa wa. Saman fata wani siririn sulke ne na matattun ƙwayoyin halitta da aka jera hawa-hawa kamar tubali, tsakaninsu kuma akwai wani irin kitse da ya liƙe su kamar yadda laka ke riƙe gini. A fuska kaurinsa bai kai na silin gashi ɗaya ba, amma aikinsa babba ne: ya hana ruwan jiki fita, ya hana abin waje shiga. Wato fata ba soso ba ce da za ta zuƙe duk abin da aka ɗora mata. Abin da ke ratsa ta kaɗan ne, sai mai ƙananan ƙwayoyi, kuma sai ya taɓa ta kai tsaye. Wannan shi ne tushen maganar gaba ɗaya.

Duk kwalaben da ke gaban madubi, in aka cire sunaye da tallar da ke jikinsu, aiki uku suke yi. Akwai waɗanda ake so su shiga cikin fata su yi aiki a can, irin su bitamin C, niyasinamaid, ritinol da magungunan ƙuraje. Akwai waɗanda ake so su riƙe danshi su toshe hanyar fitarsa, wato kirim, mai da basilin. Akwai kuma guda ɗaya da ba a son ya shiga ko'ina, ana son ya kwanta a sama ya zama shimfiɗa ɗaya babu ɓula, shi ne sanskirin. In an fahimci haka, ba sai an haddace jeri ba: mai shiga shi ke gaba, mai toshewa ya biyo, mai tsaron ƙofa ya zo ƙarshe.

Duk macen da ta taɓa zama gaban mai ƙunshi ta riga ta san rabin wannan ilimin. Abu na farko da za a ce miki shi ne ki je ki wanke hannu da ƙafa, kada a ga maiƙo, don lalle ba ya kama fatar da ta sha basilin. Sai an kankare shi ya yi ja sannan a ce ki shafa mai. Babu wadda ke juya wannan jerin, domin sakamakon a ido yake fitowa washegari. Siram ma haka yake, bambancin kawai shi nasa asarar ba a ganinta nan take, sai an yi watanni ana jira shiru.

Mafi yawan siram ruwa ne aka narkar da sinadari a ciki. Mai kuwa da ruwa ba sa ga maciji. Basilin, alal misali, yana tare kusan kashi 98 cikin 100 na ruwan da ke fita daga fata, shi ya sa babu kamarsa wajen kaushi da faso. To abin da ya hana ruwa fita haka, ai ba zai buɗe wa ruwa ƙofar shiga ba. Man kaɗe bai kai basilin toshewa ba, amma in an lafta shi kamar yadda ƙanwata ta yi, siram ɗin da aka ɗiga a kansa zamewa yake yi, ya bushe a sama, wani ya tafi a tafin hannu, wani a gefen hijabi. Kaɗan ne ke isa fata.

Bitamin C ya fi sauran tsirfa a wannan wurin. Nau'insa da aka fi gwadawa, wanda ake kira askobik asid, ba ya ratsa fata sosai sai yana da tsami, a ma'aunin tsami na pH ƙasa da 3.5, kuma yawanci ana haɗa shi da ƙarfin kashi 10 zuwa 20 cikin 100. Fatar mutum kanta tana da ɗan tsami, tsakanin 4.5 da 5.5. Sabulun salo da sauran sabulan sanda suna ɗaya ɓangaren ne, wajen 9 zuwa 10, don da toka ko soda ake yin su, kuma bayan an wanke fuska da su fata na ɗaukar lokaci kafin ta koma daidai. Ga shi kuwa ƙanwata ta haɗa biyun: sabulu mai kaifi ya kwashe kitsen da ke riƙe tubalin nan, jan da take ji ke nan, sannan ta toshe da mai kafin siram ya iso. Ban ce a jefar da sabulun salo ba, yana da wurinsa a jiki, amma fuskar da ake sa wa magani ta fi son abin wanki mai laushi wanda ba ya barin ta tana ƙara in an goga yatsa.

Akwai wata ƙa'ida da ake yawan faɗa, cewa a fara da mai ruwa-ruwa a ƙare da mai kauri. Tana da amfani, ni ma ita nake ba wanda yake sauri, amma ba ita ce dalilin ba, inuwar dalilin ce kawai. Yawanci abu mai ruwa-ruwa shi ne mai shiga, mai kauri shi ne mai toshewa, shi ya sa take dacewa. Inda take karyewa sanannu ne. Akwai sanskirin da ya fi kirim ruwa, yana zuba kamar madara, amma duk da haka shi ne ƙarshe. Akwai kuma maganin likita mai kauri wanda dole ya riga kirim mai laushi taɓa fata. Tsakanin siram biyu da duk ruwa ne, kamar niyasinamaid da hayaluronik, gaskiya wanda aka fara da shi bai cika canza komai ba, kada a ɗaga hankali a kai. Ni dai nakan ce a fara da wanda aka fi buƙatar aikinsa.

Hayaluronik asid na buƙatar a ɗan tsaya a kansa, saboda yanayinmu. Shi da gilisarin aikinsu jan ruwa da riƙe shi, ba su da maiƙon da zai rufe. A garin da iska ke da laima, ko a nan cikin damina, sukan wadatar da ɗan abin da aka ɗora musu. Amma cikin hunturun Kano ko Damagaram, lokacin da laimar iska kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100, wanki ma kafin a gama shanya na ƙarshe na farko ya bushe, duk ruwan da siram ɗin ya riƙe iska za ta kwashe in ba a rufe shi ba. Sai mace ta shafa abin da aka ce yana ba da danshi, bayan awa ɗaya ta ji fuskar ta fi dā ɗamewa. Maganin abu biyu ne: a shafa shi fata tana da sauran lema, kuma a bi shi da kirim kafin ya bushe ƙarƙaf. Kirim ɗin nan shi ne murfin tukunya.

Yanzu mu zo inda gizo ke saƙa, wato sanskirin. In za a yi kuskure a ko'ina a jerin nan a yafe, ban da nan. Lambar SPF da ke jikin kwalba ba daga sama ta faɗo ba. Ana samun ta ne ta hanyar shafa miligiram 2 a kan kowane murabba'in santimita na fata, a shimfiɗa shi daidai, a bar shi ya bushe, sannan a haska fitila a auna. A wannan kaurin ne SPF 30 ke tare wajen kashi 97 cikin 100 na UVB, hasken ranar da ke ƙona fata, SPF 50 kuma wajen 98. In aka mai da lissafin fuskar babban mutum, ya kama kusan rubu'in cokalin shayi, ko layi biyu da aka ja a tsawon manuniya da yatsar tsakiya. In za a haɗa da wuya da kunnuwa, a ninka. Wanda ya shafa rabin haka bai sami abin da aka rubuta ba, ya sami wani abu can ƙasa.

Ga hanya mai sauƙi ta gane ko ana shafa isasshe. Rubu'in cokalin shayi mililita 1.25 ne. Kwalba mai mililita 50, in sau ɗaya kawai ake shafawa a rana, kwana 40 za ta yi ta ƙare. Ta ƙanwata wata biyar ta yi kuma da saura a gindi. Ba sai na tambaye ta komai ba, kwalbar ta ba da amsa: abin da take shafawa bai kai sulusin abin da ake buƙata ba, sannan ga shi ta tsinka shi da kirim.

Cakuɗawar nan ita ta fi damuna, don ta zama ɗabi'a a wurinmu. Mun saba da haɗin mai, a zuba wannan a kan wancan a juya da cokali, har akwai masu sana'ar haka. Sanskirin ba ya jure wannan. Masu haɗa shi sun sa masa sinadaran da ke sa ya bazu daidai ya bushe ya zama fata-fata ɗaya a saman fuska. Da zarar an gauraya shi da kirim ko mai a tafin hannu, an rage masa ƙarfi, an kuma ɓata wannan tsarin, sai ya taru a wani wuri ya bar wani wuri fayau. Rumfar da aka yi da rariya ke nan: daga nesa ana ganin rufi, wanda ke ƙarƙashi kuwa rana na dukansa. Haka nan in aka shafa shi daidai sannan aka kawo kirim ko mai aka murza a kansa, yatsun da maiƙon su za su kwashe shimfiɗar su tura ta gefe. Kuma lamba ba ta taruwa: kirim mai SPF 15 da sanskirin mai SPF 30 ba su zama 45 ba.

Wasu sukan ce ai sanskirin iri biyu ne, mai zink oksaid wanda ke zama a sama, da mai sinadaran da sai sun nutse cikin fata kafin su yi aiki, don haka na biyun a fara shafa shi kafin kirim. Wannan tsohuwar fahimta ce. Dukansu biyun a saman fata suke aikinsu, suna shanye hasken kafin ya isa ciki, kuma minti 15 ɗin da ake cewa a jira kafin a fita, lokacin da shimfiɗar ke buƙata ne ta bushe ta zauna. Kowanne iri ne, bayan kirim yake zuwa. Abin da aka yarda ya hau kansa shi ne kwalliya, fandeshan ko hoda, ita ma a daddanna ta a hankali bayan ya bushe, ba a murza ba. Sai kuma maganin sauro na shafawa ga mai fita da yamma rana ba ta faɗi ba: sanskirin ne farko, maganin sauron a sama.

Na san tambayar da ke zuciyar wasu: mu baƙaƙe me ya haɗa mu da wannan? Gaskiya ne baƙar fata ba ta saurin ƙonewa, tana da kariyarta da Allah Ya hore mata. Amma matsalarmu ta wani gefen take zuwa. Ƙwayoyin da ke yin launi a fatarmu masu saurin amsawa ne, ƙurji ɗaya ya fito ya warke sai ya bar baƙin tabo na watanni, kuma duk ranar da ta doke tabon nan ƙara masa duhu take yi. Ba UVB kaɗai ba, har UVA mai ratsa gilashin taga, har ma hasken da ido ke gani yana taɓa launin fata mai duhu. Shi ya sa likitocin fata kan fi ba masu tabo da masu duhun kumatu na bayan haihuwa sanskirin mai launi, wanda aka sa wa ayon oksaid, don shi ke tare wannan hasken. Wannan nau'in kuma shi ke magance farin tokar da ƙanwata ke gudu. Ita da take neman tabo ya dushe, dare ta yi gini da adafalin, rana ta zo ta rushe.

Da dare lissafin ya ɗan sauya, domin babu sanskirin, amma akwai ritinol da danginsa, har da adafalin. An ajiye su dare ne saboda wasu daga cikinsu, musamman tiretinoyin, haske na lalata su. A nan akwai abin da ya saba wa wanda na faɗa ɗazu a kan hayaluronik. Fata mai lema ta fi buɗewa, kuma ga magani mai kaifi wannan ba alheri ba ne, raɗaɗi da saɓa yake jawowa. Don haka a wanke, a bar fuska ta bushe sosai, sannan a ɗauki kamar ƙwayar wake ɗaya a raba wa fuskar duka, a kauce wa gefen ido, kusurwar hanci da bakin leɓe. Kirim ya biyo baya. Ƙanwata kullum take shafa nata a jiƙaƙƙiyar fuska, ta cika yatsa, sannan ta rufe da man kaɗe mai yawa. Toshewa mai ƙarfi a kan irin wannan magani tana ƙara tura shi ciki, ga dalilin saɓar gefen hancinta. Kuma a baƙar fata duk wurin da ya fusata zai iya barin sabon tabo, a yi gudun gara a faɗa gidan zago.

Akwai wuri ɗaya da ake karya ƙa'idar da gangan, kuma likitoci da kansu ke ba da shawarar. Wanda fatarsa ba ta jure ritinol ko adafalin, sai ya fara shafa siririn kirim, ya bari ya zauna, ya sa maganin, ya sake bi da kirim. Kirim ɗin farko yana rage saurin shigar maganin, wanda a wannan karon shi ake nema. Wannan ma hujja ce cewa abin da ke ƙasa yana tare abin da ke sama. Da bitamin C tarewar asara ce, da adafalin a makonnin farko rahama ce. Abin lura, kirim mai laushi ake nufi, ba basilin ba. Mai juna biyu kuwa, ko mai neman samu, ta ajiye ritinol da duk danginsa gaba ɗaya, ta sanar da likitanta.

Game da abin da ba a haɗawa, an cika tsorata mutane da dogon jeri, alhali masu muhimmanci kaɗan ne. Benzoyil feroksaid, maganin ƙurajen nan da ke koɗar da launin tawul, yana lalata tiretinoyin in sun haɗu, don haka ɗaya safe ɗaya dare. Adafalin shi ba ruwansa, yana jure shi. Asid masu saɓe fata, irin su gilaikolik da salisilik, in aka ɗora su dare ɗaya da ritinol fata ce ke shan wahala, gara a raba musu kwana. Bitamin C da niyasinamaid kuwa, da ake ta cewa ba sa zama tare, a kayan yanzu babu wata matsala. Abin da ba na sassautawa a kansa shi ne man haɗi da ba a san abin da ke ciki ba. Da yawa ana zuba musu kilobetasol ko haidirokwinon don su yi saurin haske, na farkon yana sirantar da fata, kuma babu jerin da zai gyara abin da suke ɓatawa.

Sai 'yan dunƙulen nan masu kama da dauɗa. Ba datti ba ne, kayan ne da ba su zauna ba suka naɗe. Yakan faru in an yi yawa, ko an ɗora wani kafin na ƙasa ya kama jikinsa, ko an dage da murzawa. Kuma in sun fito bayan sanskirin, to da shi suka taso, kariyar ta ɓule. Ba sai an zauna rabin awa tsakanin kwalba da kwalba ba kamar yadda wasu ke cewa, wa ke da wannan lokacin da safe ga yara za su makaranta? Minti ɗaya ko biyu ya isa, har fatar ta daina sheƙin jiƙa, in an taɓa ta ɗan kama yatsa kaɗan. Tsakanin kirim da sanskirin ne ya fi dacewa a ƙara haƙuri, a je a ɗaura ɗankwali ko a zuba shayi a dawo. Siram ɗigo uku ko huɗu ya wadatar da fuska.

Ga yadda muka sake tsara wa ƙanwata nata. Da safe ta wanke da abin wanki mai laushi, ta tsane fuskar, ta sa ɗigo huɗu na bitamin C. Bayan minti ɗaya ta ɗan jiƙa tafin hannu ta sa hayaluronik, ta bi da kirim nan take. Ta jira ya zauna, sannan layi biyu na sanskirin, shi kaɗai. Don kada ya yi fari, ta raba shi biyu: ta shafa layi ɗaya ya bushe, ta ƙara na biyun. Man kaɗe ya bar safiya kwata-kwata. Da dare ta wanke sanskirin ɗin da kyau, ta bari ta bushe, kirim siriri, ƙwayar waken adafalin, kirim kuma. Muka mai da adafalin dare ɗaya bayan ɗaya har saɓar ta tsaya, bayan ta koma ta gaya wa likitan da ya rubuta. A daren da babu magani ne man kaɗe ke samun wurinsa, ɗan kaɗan a narkar a tafin hannu a danna a kan kirim. Na kuma ce ta duba launin bitamin C ɗinta. In ya tashi daga fari ko ruwan ɗorawa mai haske ya koma ruwan shayi, iska da zafi sun cinye shi, a daina ajiye shi kan taga.

Tambayarta ta gaba ita ce wadda kowace musulma za ta yi: "To Yaya, alwala fa?" Wanke fuska sau uku da gogewa yana ɗauke mafi yawan abin da aka shafa, ko da an rubuta cewa yana jure ruwa, domin wannan juriyar ta minti 40 ce ko 80, kuma goga tawul na kawar da ita. Amma ba sai an sake jerin daga farko ba. Siram ɗin safe ya riga ya yi shigarsa, ba a maimaita shi. Abin da ake mayarwa bayan alwalar Azahar shi ne sanskirin, da ɗan kirim a ƙarƙashinsa in fata na ja. Bayan La'asar ma haka in da fita. Wadda ke yini a rana, a kasuwa ko a hanya, ƙa'idar ita ce kowane awa biyu, musamman cikin bazara da gumi ke kwarara. A bazarar ma jerin kan gajarce da kansa: mai fuska mai maiƙo za ta iya tsallake kirim da safe, daga siram sai sanskirin, don yawancinsu suna da abin laushi a ciki.

Cikin mako biyu saɓar ta tsaya, dunƙulen ma suka ɓace tun ranar farko. Tabo kuwa bai yi sauri ba, kuma dama na gaya mata kada ta sa rai kafin mako takwas zuwa goma sha biyu, domin saman fata kansa wajen wata guda yake ɗauka kafin ya sabunta. Wajen wata na uku ƙananan na goshi suka dushe, manya biyu na kumatu suka yi haske amma suna nan. A mako na biyar ta kira ni tana ƙorafi cewa sabon sanskirin da ta saya ya ƙare, kuma kuɗinsa ba wasa ba ne in haka za a riƙa shan sa. Muka zauna muka duba jakar, na ce in siram na hayaluronik ya ƙare kada ta sake saya, tunda kirim ɗinta akwai gilisarin a ciki yana yin aikin, kuɗin ta mai da su kan babbar kwalbar sanskirin mai launi, ta kuma riƙa jawo hijabinta gaba kaɗan in za ta tsaya jiran adaidaita da tsakar rana.